Tuntuɓar Waɗanda Suka Yi Shiru a Zauren Shirya Tafiya

A duk zauren WhatsApp da aka buɗe don shirya tafiya, ko ta ɗaurin aure ce, ko ta ta'aziyya, ko ta yawon buɗe ido, mutane kan kasu uku: waɗanda suka ce za su, waɗanda suka ba da uzuri, da waɗanda ba su ce uffan ba. Kashi na uku ne ke hana mai shirya tafiya barci. Wanda ya ce ba zai je ba ya sauƙaƙa aiki, domin an san kujerarsa ta zama ta wani. Mai shiru kuwa ya riƙe kujera bai zauna ba, bai kuma tashi ba, kuma duk lissafin mota da na kuɗi da na abinci yana rataye a kansa. Tuntuɓar irin waɗannan mutane aiki ne ƙarami a ido, amma yana da ƙa'idojinsa, domin wanda ake nema ya amsa aboki ne ko ɗan'uwa, kuma za a ci gaba da zama da shi bayan an dawo.

Za a fi ganin nauyin shirun idan aka ɗauki misali guda aka bi shi. A ɗauka tsofaffin ɗaliban aji ɗaya ne, su 31 a zaure, za su tashi daga Kano zuwa Azare ɗaurin auren abokinsu ranar Asabar da ƙarfe 11 na safe. Hanyar ita ce ta Maiduguri, ta Wudil, a bi ta Shuwarin da Kiyawa da Jama'are, don haka dole a bar Kano da sassafe bayan sallar Asuba. An je tashar Unguwa Uku an yi ciniki da direban Homa mai cin mutum 18, a ce ya yarda da shata a kan naira 180,000 zuwa da dawowa, da sharaɗin a ba shi kafin alƙalami ranar Alhamis da safe, in ba haka ba ya shiga layi ya yi lodinsa na yau da kullum. Ranar Lahadi da daddare mutum 11 sun ce za su, 6 sun ba da uzuri, 14 shiru.

Idan motar ta cika, kowa zai ba da naira 10,000. Idan waɗannan 11 ne kaɗai, kuɗin kowa ya haura 16,000, wanda zai iya sa biyu ko uku daga cikinsu su janye, kuɗin ya ƙara hawa a kan waɗanda suka rage. In kuwa masu shirun nan duk suka ɓullo tasha ranar Asabar, mutum 25 ke nan a gaban mota mai kujera 18, a lokacin da babu sararin neman wata. Ga kuma gidan ango can a Azare suna jira a faɗa musu adadin baƙin Kano don su san yawan abincin da za a ware da inda za a sauke su. Abin da mai shirya tafiya ke bukata ke nan: adadi tabbatacce kafin Laraba da daddare. Fatan alheri da addu'ar Allah ya kai mu, duk da kyawunsu, ba sa shiga wannan lissafi.

Matakin farko shi ne a gane wane irin shiru ne. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a waya babu fuska, sai 'yan alamun da manhajar ke bayarwa. Wanda ya tura saƙo a zaure zai iya danne saƙon nasa ya zaɓi `Info`, ya ga jerin suna kashi biyu: `Read by`, wato waɗanda suka buɗe, da `Delivered to`, wato waɗanda saƙon ya isa wayarsu. Wanda babu sunansa a ko'ina, saƙon bai kai gare shi ba ma. A zaure wannan bayani yana fitowa ko da mutum ya kashe shuɗiyar alamar karantawa a wayarsa, domin kashewar ba ta aiki a hirar rukuni. Sai dai mai saƙon ne kaɗai ke iya ganin wannan, shi ya sa ya fi dacewa mai shirya tafiyar ya tura sanarwar da kansa, maimakon ya sa wani.

A misalin nan, a ce an duba an ga mutum uku saƙon bai isa gare su ba, huɗu ya isa ba su buɗe ba, bakwai sun buɗe. Uku na farko ba su yi wa kowa shiru ba. Wataƙila data ta ƙare, ko waya ta lalace, ko an canza layi an manta da zauren. Duk tunin da za a rubuta a zaure ba zai same su ba, maganinsu kiran waya ne ko aika wanda ke kusa da su. Huɗu na biyu galibi waɗanda suka rufe ƙarar zauren ne, ko kuma saƙonni suka taru musu ɗari biyu suka kasa bi. Bakwai na ƙarshe su ne masu wuyar sha'ani, kuma ko su bai kamata a yanke musu hukunci da alamar ba, domin manhajar tana nuna an karanta da zarar mutum ya buɗe zauren ya gangara ƙasa, ko da idonsa bai sauka a kan sanarwar ba. Saboda haka kuskure ne babba a fito fili a ce wa mutum an ga ya karanta bai amsa ba. Wannan bayani na mai shirya tafiya ne, don ya san hanyar da zai bi wa kowa, kuma da zarar ya mayar da shi hujjar tuhuma ya ɓata abin da yake nema.

Kafin a taɓa kowa ɗaiɗai, sai a fara da tuni guda a zauren. Sau da yawa laifin shirun na sanarwar farko ne: ta yi tsawo, ko ta nutse a cikin gaisuwar Juma'a da hotunan katin biki da muhawarar ƙwallo, ko kuma ba ta tambayi komai ƙarara ba. Saƙon da ya ce ana fatan kowa zai samu halarta bai nemi amsa daga kowa ba. Tunin da ke aiki yana ɗauke da abu huɗu a taƙaice: ranar tafiya da wurin haɗuwa, kuɗin da ake hasashe, lokacin da za a rufe karɓar suna, da dalilin rufewar. Zai iya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tafiyar Azare tana nan ranar Asabar, za a tashi daga Unguwa Uku ƙarfe 6:30 na safe. Kuɗin mota tsakanin 10,000 ne zuwa 12,000, gwargwadon yawanmu. Direba na jiran kafin alƙalami ranar Alhamis da safe, don haka muna roƙon kowa ya faɗa mana zuwa Laraba ƙarfe 8 na dare: zai je, ko ba zai samu dama ba. Duk amsar da aka bayar taimako ce gare mu, kuma ba sai an faɗi dalili ba."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ginshiƙin saƙon. Ɗan Hausa ya tashi da kunyar cewa a'a, musamman a kan abin zumunci. An saba jin cewa zumunci a ƙafa yake, kuma mutum yana jin nauyin ya rubuta a gaban mutum talatin cewa ba zai je auren abokinsa ba. Idan dalilin rashin kuɗi ne, nauyin ya ninka. Shiru sai ya zame masa mafaka: bai ƙi ba, bai kuma ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Muddin amsa ɗaya ce tak ke da daraja a zauren, wato "zan je", to duk wanda ba zai iya faɗinta ba zai ci gaba da ɓuya. Aikin tunin shi ne ya sauke wa mutum wannan nauyi, ya nuna masa cewa wanda ya ce ba zai samu dama ba ya yi abin da aka roƙe shi, kuma an gode masa. Ya kamata a ga hakan a aikace: duk wanda ya ba da uzuri a amsa masa da "Allah ya ba da lada, mun gode da sanarwa", ba tare da an bi shi da "haba dai, kai ma?" ba. Sauran masu shiru suna kallon yadda aka karɓi uzurin farko, kuma da shi suke auna ko su ma su fito.

Faɗin dalilin wa'adi ma yana da amfaninsa. Idan aka ce Laraba ƙarfe 8 kawai, sai ya yi kama da umarnin mai shirya tafiya, wani ya ji a ransa cewa wane ne shi da zai gindaya masa lokaci. Idan aka ce direba ne ke jira, kowa ya san halin tasha, ya san ba son rai ba ne.

Manhajar tana da kayan aiki da ke rage wahala. Tun ƙarshen 2022 akwai `Poll`, wato ƙuri'a, inda ake rubuta tambaya da zaɓuɓɓuka har 12, mutum ya taɓa ɗaya kawai ba sai ya rubuta komai ba. Wajibi ne a kashe `Allow multiple answers` kafin a tura, in ba haka ba wani zai iya taɓa "zan je" da "ba zan je ba" gaba ɗaya. Zaɓi uku sun wadatar: zan bi motar haya, zan je da kaina, ba zan samu dama ba. Na tsakiyan yana da muhimmanci, domin wanda ke aiki a Dutse, misali, ba zai dawo Kano ya hau mota ba alhali Azare na gabansa. Shi yana cikin lissafin abinci, ba ya cikin na kujera. Kada a sa zaɓin "wataƙila", don kuwa duk masu shiru can za su kwarara, a koma gidan jiya. Ana kuma iya maƙale saƙon a saman zauren da `Pin` na kwana bakwai don kada ya nutse. Iyakar ƙuri'ar ita ce ba a asirce take ba: kowa na iya taɓa `View votes` ya ga wanda ya zaɓi me. Mai jin kunyar cewa a'a a rubuce zai ji kunyar taɓa ta a ƙuri'a, don haka a ƙara da cewa wanda ya fi so ya turo amsarsa ta gefe, ƙofa a buɗe take.

Bayan kwana guda da tunin, sai a sake ƙirga. Waɗanda saƙo ke isa wayarsu ba sa buɗewa, ana iya ambatonsu da alamar `@` a gaban suna, domin ambato yana sanar da mutum ko da ya rufe ƙarar zauren. Amma a nan akwai tarko. Jera sunaye goma sha huɗu a saƙo ɗaya, a ce waɗannan su ne ba su amsa ba, daidai yake da kiran sunan masu bashi a bainar jama'a. Wasu za su amsa da fushi, wasu su ce za su don kawai a ƙyale su, ranar tafiya kuma a neme su a rasa, wani ma ya fice daga zauren. Ambato ya dace ne da mutum biyu ko uku waɗanda aka tabbata ba su gani ba, kuma da lafazin da ke ba su uzuri tun kafin su nema: "Wataƙila saƙon ya wuce ku, ga shi nan a sama."

Sauran aikin na gefe ne, mutum da mutum, kuma a nan ne sanin wanda ake magana da shi ke aiki. Ba a buɗe wa Bahaushe magana da bukata. Ana fara gaisuwa, a tambayi gida da aiki, sannan a shigo da zancen. Ga tsaran wasa, gajeren saƙo ya isa: "Mutumina, kwana biyu. Ya iyali? Maganar Azare ce, ina haɗa sunaye. In sa da kai ne, ko wannan karon ba hali? Ko wanne ne ba komai, so nake in sallami direba." Tambayar ta ajiye masa amsoshi biyu a gabansa, ya ɗauki wadda ta dace da shi da kalma ɗaya. Idan mutum ne da karatun boko ko rubutu a waya ke yi masa nauyi, saƙon murya na rabin minti ya fi, kuma murya tana ɗauke da fara'ar da rubutu ke zubarwa.

Na gaba da mutum kuwa ba a tura masa irin wannan. A ce a zauren akwai tsohon malamin ajin, wanda aka sa don girmamawa. Shi kiransa ake yi, ko a je har gida in da hali, kuma tambayar kan sauya fuska: "Malam, barka da yamma, an wuni lafiya? Dama kan tafiyar Azare ne. Mun ce a ware muku kujerar gaba, shi ne muka ce bari mu ji ko za a samu sukuni, ko kuwa mu isar da gaisuwarku." Sau da yawa babba yakan yi shiru ne don yana ganin zuwansa ba abin tambaya ba ne, ko kuma yana jiran a gayyace shi yadda ya kamata, ba a cikin taron yara ba. Haka nan idan akwai matan aure a zauren, ya fi kyau a wakilta mace ɗaya ta tuntuɓe su, domin da yawansu shirun na jiran shawarar maigida ne, kuma saƙon gefe daga namiji da daddare na iya jawo abin da ba a nufa ba. Lokacin tuntuɓa ma abin lura ne. Bayan sallar Isha'i ko da hantsi mutane sun fi samun natsuwar amsawa, saɓanin tsakar ranar aiki, lokacin da ake buɗe saƙo a ce sai an jima, a manta.

Amsar da ta fi kowace wahalar sarrafawa ita ce "in sha Allah". Musulmi ba ya alkawarin gobe sai da ita, don haka wanda ya ƙudura zuwa da gaske zai faɗe ta. Wanda ba ya son ya ce a'a ma ita zai faɗa. Ba daidai ba ne a nuna shakka a kanta, balle a ce wa mutum ya bar in sha Allah ya ba da amsa. Abin da ake yi shi ne a karɓe ta, sannan a biyo da ƙaramar tambaya ta aiki: "Allah ya yarda. To in rubuta sunanka a cikin masu biya kafin Laraba?" ko "A Unguwa Uku za ka same mu, ko mu ɗauke ka a Mariri?" Mai niyya yakan amsa nan take da wuri da lokaci. Wanda ba shi da niyya yakan ce bari dai ya gani, kuma wannan ya isa a gane. Shi ya sa a tafiyar da ke da shata, jerin da ake dogara da shi shi ne na waɗanda suka biya, ko da rabin kuɗin ne. Sai an tanadi jeri biyu, na masu niyya da na masu biya, kuma na biyun ake kai wa direba.

Idan tuntuɓar gefe ta tono cewa kuɗi ne matsalar, maganar ta tsaya tsakanin mutum biyu. Ba a kai ta zaure, ko da da sunan neman a taimaka masa. Wani lokaci kuma abin da ke fitowa ƙorafi ne: ango bai je nasa auren ba, ko an tsayar da rana da mota ba a shawarce shi ba. Mai shirya tafiya ya saurara, ya ba da haƙuri a kan abin da ya shafi shirin, amma kada ya ɗora wa kansa sulhun shekaru a cikin kwana uku. Ya karɓi amsar da aka ba shi, sulhun a neme shi bayan biki.

Tuni yana da iyaka. Ɗaya a zaure, ɗaya ta gefe, sai sanarwar rufewa. Abin da ya wuce haka ya zama naci, kuma naci yana haifar da "to" ta dole wadda ba ta kai mutum tasha. Sanarwar rufewa ita ce ke ba shirun ma'ana tun kafin lokaci ya cika. Da safiyar Laraba sai a rubuta cewa da ƙarfe 8 na dare za a miƙa sunaye, wanda ba a ji daga gare shi ba za a ɗauka bai samu dama ba ne wannan karon, kuma babu komai. Da wannan, wanda ya kasa furta a'a ya samu hanyar faɗinta ba tare da ya buɗe baki ba, mai shirya tafiya kuma ya samu ikon rufe lissafi ba tare da wani ya ce an cire shi ba da saninsa ba. Sharaɗin kawai shi ne a cika abin da aka faɗa. Idan aka ɗaga wa'adi sau ɗaya saboda mutum biyu, a tafiya ta gaba babu wanda zai ɗauke shi da gaske.

A misalin Azare, ga yadda lissafin zai iya kaya wa. Cikin ukun da aka kira, ɗaya ya canza layi ne kuma zai je, ɗaya wayarsa ce ta lalace kuma yana da aiki ranar, na ukun ba a same shi ba. Cikin huɗun da aka ambata, biyu za su bi mota, ɗaya zai taso daga Dutse da kansa, ɗaya ya ba da uzuri. Cikin bakwai ɗin, biyu dama izinin wurin aiki suke jira kuma sun samu, Malam zai je, biyu ba su da kuɗin, ɗaya yana da ƙorafi, ɗaya ya tsaya a kan bari ya gani har wa'adi ya cika. Masu biya sun zama 17. Idan kowa ya ba da 11,000 an tara 187,000, an biya direba, 7,000 ta rage ta ruwan sha a hanya. Kujera ɗaya ta saura wadda an riga an biya kuɗinta, kuma mai shirya tafiya, da sanin ma'aji, zai iya kiran ɗaya daga cikin biyun nan ya ce masa akwai wuri, ya zo kawai. Adadin da za a faɗa wa gidan ango kuwa 19 ne, har da mai tasowa daga Dutse, sai a ƙara direba ya zama 20.

Da daren Laraba ake liƙa jerin ƙarshe a zauren, sunayen masu tafiya kaɗai, da lambar direba da wurin haɗuwa, ba tare da an ambaci waɗanda ba su amsa ba. Wanda ya farka ranar Juma'a ya ce zai je, a faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki: in akwai kujera ya biya ya shiga, in babu a rubuta shi a matsayin mai jiran gurbi, ko a haɗa shi da wani mai motar kansa. Ba a tayar da wanda ya biya tun Litinin saboda shi, ko da ya fi kusa da ango.